Yadda ake gano ƙa'idar gurbin tattabara a tambayoyin "dole akwai biyu"

Akwai wani irin tambayar lissafi da ke tsayar da ɗalibi cak, ko da kuwa yana cikin masu ƙoƙarin aji. Ba a ba shi lambobin da zai tara ko ya raba ba. An dai ce masa: ga mutane kaza, ko ga lambobi kaza, ka kawo hujjar cewa dole akwai biyu a cikinsu da suka yi tarayya a wani abu. Sai yaro ya riƙe biro yana kallon takarda, don bai san mutanen ba, bai san lambobin ba, kuma an ce maganar ta tabbata ko su wane ne. A makarantun ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, inda littafin lissafi ɗaya yakan zagaya benci guda, da wuya a samu wanda ya zaunar da yaro ya nuna masa cewa yawancin irin waɗannan tambayoyi hanya ɗaya ake bi a warware su.

Hanyar ita ce ƙa'idar gurbin tattabara. Duk wanda ya taɓa kiwon tattabaru ya san ta tun kafin ya ji sunanta. In ka jera tsofaffin tukwane tara a jikin katanga, tattabaru goma suka dawo da yamma kowacce ta shige tukunya, to akwai tukunyar da biyu suka kwana a ciki. Ba ka buƙatar ka ɗauko tocila ka leƙa. In abubuwa sun fi guraben da za su shiga yawa, dole wani gurbi ya ɗauki biyu ko fiye. Ana danganta ƙa'idar da Dirichlet, wani Bajamushe masanin lissafi da ya yi aiki da ita a 1834.

Ƙa'idar ba ta da wuya, yaron firamare ma zai yarda da ita. Wuyar tana wajen gane ta a cikin tambayar da ba a ambaci tattabara ko tukunya ba. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne: tattabarun galibi tambaya ce ke ba ka su, amma guraben kai ne za ka gina su, kuma daga abin da aka ce ka tabbatar za ka gina su.

Mataki na farko: saurari lafazin tambayar

Kafin ka taɓa biro, sake karanta tambayar a hankali. Alamar farko ita ce kalmar "dole" ko "tilas" haɗe da "akwai biyu". Ta biyu, tambayar ba ta damu da su wane ne biyun ba, kasancewarsu kawai take so. Ta uku, za ka ji an ce "ko yaya aka zaɓa", "ko waɗanne lambobi ne", wato an hana ka dogara da wani misali guda.

Akwai alama ta huɗu da ba a cika faɗa ba, ita ce kuma ta fi saurin tona asirin mai tambaya. Dubi adadin da aka ba ka. In ka ga 8, ko 13, ko 367, ka tambayi kanka: wane sanannen adadi ne wannan ya ɗara da ɗaya? Takwas ta ɗara kwanakin mako da ɗaya, sha uku ta ɗara watannin shekara da ɗaya. In aka ce an tara ɗalibai 28 'yan asalin Jigawa, wanda ya san jihar tana da ƙananan hukumomi 27 ya riga ya hango inda aka dosa, haka ma 45 ga mutumin Kano mai ƙananan hukumomi 44. Mai shirya tambaya yakan zaɓi adadi mafi ƙanƙanta da zai sa maganar ta tabbata, saboda haka adadin da kansa yana gaya maka yawan guraben da za ka nema. Ka cire ɗaya, ka ajiye abin da ya rage a gefen takarda.

Mataki na biyu: mayar da abin da ake nema ya zama "iri ɗaya"

A tambayoyi masu sauƙi, guraben suna fili. Mutum takwas suna zaune a dandali, a nuna cewa biyu daga cikinsu rana ɗaya ta mako aka haife su. Guraben su ne Lahadi zuwa Asabar, bakwai ke nan. Ka ba na farko Lahadi ya zama Ɗanladi, wani Ɗanlami, wani Ɗanjuma, haka har ranakun su ƙare a kan mutum na bakwai, na takwas kuwa babu ranar da ta rage masa sai wadda wani ya riga ya ɗauka.

Amma dubi wannan. 'Yan tireda takwas sun kai awaki kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kowa da yawan nasa. A nuna cewa akwai biyu da in ka ɗebe awakin ɗaya daga na ɗayan, bakwai za ta raba abin da ya fito ba ragowa. Nan babu kalmar "iri ɗaya" ko kaɗan. Kuma in ka ce gurbi shi ne yawan awakin, ka shiga daji, don yawan awaki ba shi da iyaka: wani 8, wani 63, wani 200.

Abin yi shi ne ka fara daga ƙarshe. Ka ɗauka ka riga ka samu mutum biyun, sannan ka tambaya: me suke da shi iri ɗaya da ya sa bambancinsu ya rabu da bakwai? Gwada da 17 da 52. Bambancinsu 35 ne, bakwai sau biyar. Raba 17 da bakwai, ka samu biyu, ragowa 3. Raba 52 da bakwai, ka samu bakwai, ragowa 3. Ga abin da suka yi tarayya a kai: ragowa. Dalilin kuwa a fili yake. Kowace lamba tarin bakwai-bakwai ce da 'yar ragowa a kai. In ragowar biyu ta zo ɗaya, wajen ɗebewa sai ta cinye juna, a bar tarin bakwai-bakwai zalla.

To ragowa nawa ake iya samu in ana rabawa da bakwai? 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6. Bakwai ke nan, ba ƙari, kuma ita ce lambar da ka ajiye a gefen takarda. Yanzu 'yan tireda takwas sun zama tattabaru, ragowa bakwai sun zama gurabe. Ka ga yadda abin ke faruwa ko da an yi niyyar kauce masa: a ce awakin su ne 63, 8, 30, 17, 25, 12, 41. Ragowarsu 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, kowa da gurbinsa, babu karo. Na takwas ya iso da 52, ragowarsa 3, ya tarar da mai 17 a ciki. Ko da wace lamba ya zo, sai ya tarar da wani.

Wannan tambaya ta "me biyun suke da shi iri ɗaya" ita ce ginshiƙin aikin. In ana maganar bambanci da rabawa, amsar ragowa ce. In ana maganar kusanci, kamar bishiyoyi biyu da ba su yi nisa da juna ba, amsar ita ce suna cikin yanki ɗaya na fili. In ana so jimlar lambobi biyu ta ba da wani adadi, amsar ita ce su abokan cika juna ne, kamar 3 da 7 wajen cika goma.

Mataki na uku: ƙirga guraben da gaskiya

Bayan ka gina gurabe, abu biyu za ka tabbatar kafin ka yi murna. Na ɗaya, kowace tattabara tana da gurbin da za ta shiga, babu wadda za ta kwana a waje. Na biyu, duk biyun da suka haɗu a gurbi ɗaya sun cika sharaɗin tambayar, ba wasu daga ciki kawai ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mantawa da gurbi. Ɗalibi zai lissafa ragowa daga 1 zuwa 6 ya bar sifili, ya ce gurabe shida ne, sai ya yi da'awar cewa mutum bakwai ma sun isa. Ba su isa ba, jerin da muka gani a sama ya ƙaryata shi. Haka wanda ya ce mutum 366 sun isa a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya a kalandar boko ya manta da 29 ga Fabrairu. Ranakun da ake iya haihuwar mutum a cikinsu guda 366 ne, don haka sai mutum 367. A lissafin watan Musulunci ma akwai irin wannan tarko, har ya fi ɓoyuwa. Shekara kwana 354 ce ko 355, sai mutum ya ɗauka guraben ke nan. Amma tunda da ganin wata ake tafiya, kowane wata yana iya cika 30 a wata shekarar, kuma mutanen ba a shekara ɗaya aka haife su ba. Ranakun da ake iya ambata 12 sau 30 ne, wato 360, saboda haka mutum 361 ake buƙata. Gurbi yana nan a lissafi muddin yana yiwuwa a shige shi, ko da ba kasafai ake shiga ba.

Mataki na huɗu: in guraben sun yi yawa, kada ka yar da ƙa'idar

Nan ne ake rabuwa tsakanin wanda ya haddace da wanda ya gane. Sau da yawa za ka gina gurabe, ka ƙirga, ka ga sun kai yawan tattabarun ko sun fi. Yawancin ɗalibai a nan suke cewa ai ba wannan ƙa'idar ba ce. Galibi ita ce, guraben ne ke buƙatar gyara, kuma gyaran iri biyu ne.

Na farko shi ne haɗe gurabe. Tambaya: a ba ka lambobi bakwai ko waɗanne, ka nuna akwai biyu da goma za ta raba jimlarsu ko bambancinsu ba ragowa. Da jin rabawa da goma ka san lambar ƙarshe ce abin dubawa, daga 0 zuwa 9. Gurabe goma, tattabaru bakwai, ƙa'ida ba ta ce komai ba. Amma adadin da aka ba ka bakwai ne, wato mai tambaya gurabe shida yake nufi. Ina za a rage huɗu? Sake karanta tambayar: an ce jimla ko bambanci, kai kuwa da bambanci kaɗai ka yi aiki. Lamba mai ƙarewa da 2 da mai ƙarewa da 8, in ka tara su za su ƙare da 0. To ka rushe katangar da ke tsakanin 2 da 8 su zama gurbi ɗaya. Haka 1 da 9, 3 da 7, 4 da 6. Sifili ya zauna shi kaɗai, 5 ma ita kaɗai. Gurabe shida cif.

Sai ka koma sharaɗi na biyu na mataki na uku, don gurbin ya faɗaɗa. Lambobi biyu sun haɗu a gurbin 2 da 8. In ƙarshensu iri ɗaya ne, kamar 42 da 12, bambancinsu 30 ne, ya rabu. In ƙarshensu daban ne, kamar 42 da 18, jimlarsu 60 ce, ta rabu. Ko ta ina aka bi, buƙata ta biya. Kalmar "ko" a cikin irin wannan tambaya kusan kullum izini ce ta haɗe gurabe, don haka in ka gan ta ka ja mata layi.

Gyara na biyu ya fi daɗi, shi ne gano gurabe biyu da ba za su cika a lokaci ɗaya ba. An yi suna, maza goma suna zaune a zaure bayan an raba goro. Wasu sun yi musabaha da juna, wasu ba su yi ba. A nuna cewa akwai biyu da yawan mutanen da suka yi musabaha da su ya zo ɗaya. Abin da ake so ya zo iri ɗaya a bayyane yake, yawan musabaha ne. Mutum zai iya yi da ba kowa, ko da mutum 1, har zuwa 9, tunda ba ya gaisawa da kansa. Daga 0 zuwa 9 gurabe goma ne, mutane ma goma. Kunnen doki.

Na taɓa ba wani aji wannan tambaya, muka zana gurabe goma a allo, na ce kowa ya gwada zaunar da mutum ɗaya a kowane gurbi. Ana cikin haka wata ɗaliba daga bencin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, wanda ya gaisa da mutum tara ai ya gaisa da kowa ke nan."

"Haka ne, 'yata. Sai me?"

"To shi wanda aka ce bai gaisa da kowa ba, yaya aka yi mai taran bai kama hannunsa ba?"

Ta gama hujjar a nan. In akwai wanda ya yi musabaha da kowa, babu mai sifili. In akwai mai sifili, babu mai tara. Ɗaya daga cikin guraben nan biyu dole ya zama fanko, saura tara ga mutum goma. Kuma ba ruwan hujjar da goma: ko mutum nawa ne, daga biyu zuwa sama, haka za ta tafi. Darasin aiki shi ne, duk lokacin da tattabaru da gurabe suka yi kunnen doki, ka dubi gurbin farko da na ƙarshe ka gani ko suna iya zama tare.

Ka lura da abin da hujjar ta jingina a kai: musabaha hannu biyu ce, in na yi da kai, kai ma ka yi da ni. Canza tambayar ta zama yawan mutanen da kowa ya miƙa wa goro, sai ta rushe. Wani zai iya ba duk mutum taran, wani kuma ya karɓa bai ba kowa ba, don haka 0 da 9 suna zama tare lafiya, kuma kowa zai iya samun adadinsa daban. Masu gaggawa sukan ga tambaya ta yi kama da ta musabaha su kwafo amsar, ba su duba ko abin na ba-ni-in-ba-ka ne ba.

Mataki na biyar: in abubuwan da aka ba ka ba su ne tattabarun ba

Na ce galibi tambaya ce ke ba ka tattabaru. Wani lokacin ba ta bayarwa, kuma wannan ne mafi wuya, don haka bari mu bi misali ɗaya a tsanake.

Wata mata tana sayar da gero a gida, kwana biyar a jere, kullum tana rubuta kwano nawa ta auna. A nuna cewa akwai wasu kwanaki a jere, ko da kwana ɗaya ne, da biyar za ta raba jimlar cinikinsu ba ragowa. A ce cinikin shi ne kwano 3, 4, 6, 1, 8.

Abin da zai fara zuwa maka shi ne ka jefa lambobin nan biyar a guraben ragowa biyar. Matsala biyu za ka tarar. Adadin ya yi kunnen doki, sannan ko an yi karo ba ya amfanar ka. Dubi 6 da 1, ragowarsu ɗaya, amma abin da hakan ke ba ka shi ne bambancinsu ya rabu da biyar, kai kuwa jimlar kwanaki a jere aka tambaye ka. Wannan ita ce alamar cewa ka kama tattabarun da ba su ba: biyu sun haɗu a gurbi, amma haɗuwar ba ta haifi abin da ake nema ba.

Sai ka koma tambayar mataki na biyu ta wata fuska. Ragowa iri ɗaya bambanci take bayarwa. To waɗanne abubuwa ne bambancinsu yake zama jimlar kwanaki a jere? Duk mai riƙe littafin ciniki ya san amsar. In ka san jimlar abin da aka sayar daga farko zuwa ranar uku, ka ɗebe jimlar daga farko zuwa ranar ɗaya, abin da ya rage cinikin ranar biyu da ta uku ne. Ashe tattabarun su ne jimlar da ke taruwa kullum. Bayan ranar farko 3, bayan ta biyu 7, sai 13, sai 14, sai 22. Biyar ke nan, har yanzu kunnen doki da gurabe biyar. Amma akwai jimla ta shida da ake mantawa da ita, ta safiyar ranar farko kafin a auna ko kwano ɗaya, wato 0. Yanzu jimla shida, gurabe biyar.

Ragowarsu in an raba da biyar: 0 ta ba da 0, 3 ta ba da 3, 7 ta ba da 2, 13 ta ba da 3. An yi karo tsakanin 3 da 13. Bambancinsu 10, shi ne cinikin ranar biyu da ta uku, kwano 4 da kwano 6. Amfanin sifilin nan kuwa, in karon da shi aka yi, ma'anarsa kwanakin sun fara tun daga ranar farko. Ba tare da shi ba sai ka raba hujjar gida biyu, da shi kuwa magana ɗaya ta wadatar. Duk inda ka ji "a jere", ka tuna da jimla mai taruwa, ka kuma sa sifili a gaba.

Mataki na shida: yi wa hujjarka adawa

Kafin ka rubuta, ka zama abokin hamayyar kanka na minti biyu. Rage tattabara ɗaya ka gwada ko za ka iya kauce wa karo. A tambayar jimla ko bambanci, lambobi shida 20, 31, 42, 53, 64, 75 babu biyun da suka cika sharaɗi, wanda ke nuna gurabe shidan nan ba a iya rage su, kuma bakwai ita ce iyaka. In ka ga hujjarka tana aiki da adadin da ya gaza na tambaya nesa ba kusa ba, ka yi zargin ka manta wasu gurabe. Wani lokacin mai tambaya ne ya yi sassauci, amma ka bincika tukuna.

Ka kuma san abin da ƙa'idar ba ta yi. Ba ta gaya maka su wane ne biyun, ba ta gaya maka wane gurbi ne ya cika ba. Ba ta ce kowane gurbi yana da mai shi ba: ɗalibai 28 na Jigawa duk suna iya fitowa daga Ringim. In tattabaru ba su kai ba, ba ta ce babu karo ba, shiru kawai ta yi. Kuma tabbas take magana a kai, ba yiwuwa ba. Sanannen abu ne cewa a cikin mutum 23 yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi, amma wannan wani lissafi ne daban. In tambaya ta ce "mai yiwuwa" maimakon "dole", ba nan ne wurin gurbin tattabara ba.

In kuma aka ce a nuna akwai uku ko huɗu maimakon biyu, aikin bai canza ba, ƙirga ce ta ƙaru. Ɗalibai 100 daga ƙananan hukumomi 27: da a ce babu wadda ta kawo fiye da uku, da jimlarsu ba ta wuce 27 sau 3 ba, wato 81. Tunda 100 ta wuce 81, akwai ƙaramar hukumar da ta kawo huɗu ko fiye.

Mataki na bakwai: rubuta ta yadda mai dubawa ba zai samu ƙofa ba

Ɗalibai da yawa suna gane amsa a ka, amma su rubuta "bisa ƙa'idar gurbin tattabara maganar gaskiya ce" su tsaya. Wannan ba hujja ba ce, kuma yana ba ni takaici in ga yaron da ya yi tunani mai kyau ya rasa maki a nan. Rubutun yana buƙatar ka faɗi mene ne tattabarun da yawansu, mene ne guraben da yawansu, ka nuna kowace tattabara tana da gurbi, sannan ka bayyana dalilin da haɗuwa a gurbi ɗaya ke ba da abin da aka nema. Wannan na ƙarshen shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma mai maki.

Ga yadda cikakken rubutu yake, da wata tambaya ta fili. Gona ce murabba'i, kowane gefe mita 20. An dasa dashen darbejiya biyar a cikinta, ko'ina mai gona ya ga dama. A nuna cewa akwai biyu da tazararsu ba ta kai mita 15 ba.

Biyar ta ɗara huɗu da ɗaya, kuma maganar kusanci ce, don haka yanki huɗu za mu nema. Mu ja layi biyu ta tsakiyar gonar, ɗaya gabas zuwa yamma, ɗaya kudu zuwa arewa, ta rabu gida huɗu, kowanne murabba'i mai gefe mita 10. Dashen biyar su ne tattabaru, yankuna huɗu su ne gurabe. Dashen da ya faɗa a kan layi mu lissafa shi a ɗaya daga yankunan da ya taɓa, saboda haka kowane dashe yana da yanki. Tunda biyar ta fi huɗu, akwai yankin da ke da dashe biyu ko fiye. A cikin murabba'i, tazara mafi tsawo ita ce daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Bisa ƙa'idar Pythagoras, in aka ninka wannan tazara da kanta za a samu 10 × 10 + 10 × 10 = 200. Amma 15 × 15 = 225, wanda ya fi 200, saboda haka tazarar ba ta kai mita 15 ba, mita 14 ce da ɗan ɗoriya. Dashen nan biyu da ke yanki ɗaya tazararsu ba ta wuce wannan ba, don haka ba ta kai mita 15 ba.

Ka lura da yadda aka yanka gonar. Da an yanka ta dogaye huɗu kamar kunyoyi, kowanne mita 20 a tsawo da mita 5 a faɗi, gurabe huɗu ne su ma, kuma dashe biyu za su haɗu a ɗaya. Sai dai ɗaya na iya zama a wannan bakin, ɗayan a wancan, mita 20 tsakaninsu, hujja ta tashi a banza. Saboda haka a tambayar fili, bayan ka san yanki nawa kake buƙata, ka auna tazara mafi tsawo a cikin yankin da ka yanka ka gwada ta da adadin da tambaya ta ba ka. In ta wuce shi, ka sake yanka ta wata siffar.